Uwargida, Kin Lissafa Zakkarki ta Bana?



Kwanakin baya muna zaune a wani gidan suna a nan Samaru sai zancen zakka ya taso. Wata baiwar Allah mai sayar da atamfa ta ce ita ba ruwanta da wannan lissafi, ai Maigida yana fitarwa kowace shekara. Wata kuma ta ce ita da azumi takan raba turmi biyu ko uku ga mabukata, shi ke nan ta sauke nauyi. Duka biyun ba su yi daidai ba. Dukiyar mace a Musulunci tata ce, ba ta miji ba, saboda haka zakkarta a wuyanta take. Maigida yana iya biya miki in kin wakilta shi, amma abin da ya fitar na dukiyarsa bai shafi taki ba. Ita kuma zakka ba kyauta ba ce da za a yi ta da ka. Tana da ma'auni, tana da rana, tana da adadi.

A yau za mu bi lissafin tare daki-daki, kamar yadda nake yi da yarana a aji, bisa mazhabar Imamu Malik wadda akasarinmu muke bi, watau yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil. Ɗauko biro da takarda.

Abubuwa uku da za ki fara riƙewa

Na farko shi ne nisabi, watau mafi ƙarancin dukiyar da zakka take hawa kanta. A zinariya dinari 20 ne, wanda masana suka auna da sikelin zamani ya kama giram 85 na tatacciyar zinariya. A azurfa dirhami 200 ne, watau giram 595. Da yake Naira ba zinariya ba ce ba kuma azurfa ba, sai a gwada ta da ɗayansu. Sanarwar nisabi da ake yi a nan Arewa, irin wadda Jama'atu Nasril Islam take fitarwa, da farashin zinariya ake yin ta. Akwai malaman da suka fi son a auna da azurfa, domin nisabinta ya yi ƙasa ƙwarai, masu bayarwa sai su yi yawa, talaka ya fi amfana. Idan dukiyarki ta faɗa tsakanin biyun, ki tambayi malamin da kika amince da shi, ki tsaya a kan magana ɗaya.

Kada ki haddace nisabin bara ki ce shi ne na bana. Giram 85 ba ya canjawa, amma kuɗinsa a Naira kullum cikin motsi yake. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023, ga kuma zinariya ta yi tsada a kasuwannin duniya, nisabi ya yi tsalle mai nisa. Akwai wadda zakka ta hau kanta shekarun baya, yanzu kuwa jarinta bai kai ba. Akwai kuma wadda 'yar zinariyar da ta ajiye a akwati ta kai ta nisabi ba ta sani ba.

Na biyu shi ne cikar shekara. Shekarar Musulunci ake nufi, mai kwana 354, ba ta boko mai 365 ba. Tana fara ƙirguwa daga ranar da kika mallaki nisabi. Ga 'yar kasuwa akwai ƙarin bayani: riba tana bin shekarar uwar kuɗi. Idan kin fara da jarin da bai kai nisabi ba a watan Rajab, kika yi ta juya shi har wani Rajab ya zagayo ya same shi ya kai, to zakka ta wajaba a ranar nan. Ba dole ba ne ranarki ta zama cikin azumi ko Muharram. Kowace mace da tata ranar. Ki rubuta ta a bangon littafinki.

Na uku shi ne adadin da ake fitarwa: ɗaya bisa arba'in. A kowace Naira 1,000 a cire Naira 25. A kowace miliyan ɗaya a cire Naira 25,000. 'Yan makaranta, ku kuka san shi da kashi biyu da rabi cikin ɗari. Kuma a kan dukiyar gaba ɗaya ake cirewa, ba a kan abin da ya ɗaru bisa nisabi kaɗai ba.

Wace zinariya ce ake yi wa zakka?

A nan mata suka fi rikicewa. A mazhabarmu, sarƙa da ɗan kunne da awarwaro da zoben da kika mallaka don ado ba su da zakka, ko da ba kullum kike sa su ba. Amma zinariyar da kika saya don ajiya, kina cewa ko don wata rana, ko don tsufa, ko don in farashi ya hau ki sayar, wannan dukiya ce kamar kuɗin banki, zakka tana kanta kowace shekara. Haka nan wadda ta ragargaje har ba ta gyaruwa sai an narke ta, da wadda ta karye kika jefa a akwati ba ki da niyyar gyarawa. Abin da ya raba su shi ne niyya, ke kuwa kin fi kowa sanin abin da ke zuciyarki ranar da kika saya. Ki sani kuma a mazhabar Abu Hanifa ko ta ado ma ana fitar mata, shi ya sa za ki ji wasu malamai suna cewa a fitar don fita daga saɓani.

Sa'an nan ba kuɗin da kika saya ake dubawa ba, nauyi ake dubawa. Zinariyar ado ba zalla ba ce, ana gauraya ta da wani ƙarfe don ta yi ƙwari. Lambar da ake kira karat ita take nuna yawan gamin. Ga hanya mai sauƙi ta gane ta: a cikin kowane giram 24, lambar karat ita ce yawan zinariyar gaske. Watau mai karat 21, giram 21 ne zinariya, 3 gami. Mai karat 18, giram 18 ne zinariya, 6 gami, watau kashi uku cikin huɗu. Ki duba jikin maƙullin sarƙa ko cikin zobe, sau da yawa za ki ga an buga 750 a mai karat 18, 875 a mai karat 21, 916 a mai karat 22. Ki kai wa mai sayar da zinariya ya ɗora a sikeli a gabanki, a cire nauyin duwatsu in akwai, ki rubuta nauyin da karat ɗin sau ɗaya. Daga nan kowace shekara farashin giram kawai za ki tambaya.

Misali daga Samaru

Bari mu ɗauki misalin wata uwargida, mu kira ta Hajiya kawai. Tana sayar da atamfa da leshi da shadda a shagon ƙofar gidanta, matan ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello da ɗalibai su ne masu sayenta. Takan saro kaya a kasuwar Sabon Gari, wani lokaci kuma ta wuce Kantin Kwari a Kano. Ranar zakkarta ɗaya ga Rajab. Lambobin da za ki gani na misali ne don a gane hanya, ke sai ki sa naki. Mu ƙaddara a ranar nan giram ɗaya na tatacciyar zinariya Naira 200,000 ne. Nisabi ke nan ya zama 85 sau 200,000, watau Naira 17,000,000.

Hajiya ta fara da tsabar kuɗi. Na banki da na aljihun shago sun kama Naira 3,380,000. Tana da wani asusu dabam da take tara kuɗin zakka, a ciki akwai Naira 420,000. Wannan ma ta haɗa shi, don har yanzu nata ne, bai fita hannunta ba. Jimla Naira 3,800,000. Da a ce banki ya sa mata kuɗin ruwa, ba za ta lissafa shi ba, kuma ba za ta biya zakka da shi ba, sai ta rabu da shi gaba ɗaya.

Sai zinariya. Kayan adon da take sawa zuwa biki ta bar su gefe. Amma akwai awarwaro mai karat 18, nauyin giram 40, da ta saya shekara uku da suka wuce don ajiya, ba ta taɓa sawa ba. Kashi uku cikin huɗu na 40 shi ne giram 30. Giram 30 sau 200,000 ya ba da Naira 6,000,000.

Sai kayan shago. Hajiya irin 'yan kasuwar nan ce da littattafai suke kira mudiri, watau mai juya kaya, ta saro ta sayar, ba ta jiran farashi. Hukuncin mudiri shi ne ranar zakka ta ƙirga duk kayan da ke ƙasa, ta yi musu kuɗi da farashin da za su sayu a ranar, ba farashin da ta saro ba. Tana da atamfa turmi 200 da ta saro a kan 20,000, amma yau 25,000 suke sayuwa, sai ta rubuta Naira 5,000,000. Akwai turmi 20 da suka yi kwantai, yayinsu ya wuce, yau ba mai ba ta fiye da 12,000, sai ta rubuta Naira 240,000. Kin ga farashin rana wani lokaci yakan ƙara, wani lokaci ya rage. Leshi 40 a kan 60,000 ya kama Naira 2,400,000. Shadda da mayafai Naira 860,000. Jimlar kaya Naira 8,500,000. Kanta da madubi da keken ɗinki da fankar shago ba sa ciki, don kayan aiki ne, ba na sayarwa ba.

Sai bashin da take bin masu saye. Ta buɗe littafin bashi ta raba shi gida biyu. Na waɗanda ta san za su biya, kamar masu jiran albashin ƙarshen wata, ya kama Naira 900,000, ta haɗa shi. Akwai Naira 250,000 a hannun wata da ta tashi daga gari ba labari, wannan ta bar shi. In Allah ya sa ya dawo, sai ta fitar masa ta shekara ɗaya ranar da ya shigo.

Ga yadda takardarta ta kasance:

Tsabar kuɗi: Naira 3,800,000
Zinariyar ajiya: Naira 6,000,000
Kayan shago: Naira 8,500,000
Bashin da ake sa ran biya: Naira 900,000
Jimla: Naira 19,200,000

Dubi wani abu a nan, 'yar uwa. Da Hajiya ta rufe ido ta ce awarwaron nan ai na ado ne, da jimlar ta tsaya a Naira 13,200,000, ƙasa da nisabi, da ta kwana tana ganin ba ta da zakka ko ta kwabo. Ba ɗayan abubuwa huɗun nan da ya kai nisabi shi kaɗai. Haɗa su ne ya kai ta, kuma haɗawar ita ce hukunci.

Bashin da ake bin ki fa?

Ita ma Hajiya ana bin ta. Dilanta na Kwari yana bin ta Naira 1,500,000. Ta riga ta kwashi adashe, saura zubi uku na Naira 100,000, watau 300,000, wanda shi ma bashi ne a kanta. Jimla Naira 1,800,000. Idan aka cire wannan, saura Naira 17,400,000. Har yanzu ya haura nisabi, zakkarsa kuwa Naira 435,000.

Amma akwai sharaɗin da mutane da yawa ba su sani ba. A mazhabarmu ana cire bashi daga dukiyar zakka ne idan ba ki da wata kadara da za ta iya tare bashin. Hajiya tana da fili a Hayin Dogo da ta mallaka shekaru da dama, wanda kuɗinsa ya fi bashin nesa ba kusa ba. Shi filin ba shi da zakka tun da ba don sayarwa ta saya ba, amma ya tsaya a madadin bashin. Saboda haka ba za ta cire kome ba. Naira 19,200,000 a raba gida 40, zakkar Hajiya ta bana Naira 480,000 ce.

Wadda kuma ba ta kwashi adashenta ba tukuna, abin da ta zuba kamar rance ne ta bayar. Tana iya jira sai ya shigo hannunta, ko kuma ta haɗa shi cikin lissafin ranarta ta huta.

Masu ajiye hatsi da masu albashi

Ba kowace mai kasuwanci ce mudiri ba. Akwai matan da da kaka sukan aika kasuwar Giwa a sayo musu wake ko masara a jibge a ɗaki sai bazara ko damina in kaya sun yi tsada. Wannan ita ce muhtakiri, mai jiran kasuwa. Ita ba ta yi wa buhuna kuɗi kowace shekara. Sai ranar da ta sayar take fitar da ɗaya bisa arba'in na kuɗin, na shekara ɗaya tak, muddin shekara ta zagayo a kan jarin, kuma kuɗin ya kai nisabi shi kaɗai ko tare da sauran kuɗinta.

Mu kuma masu albashi, abin da aka ci aka sha kafin shekara ba shi da zakka. Abin da ya saura a ajiya shi ake dubawa. A asalin mazhaba, kuɗin da ya shigo ta hanyar albashi ko gado ko kyauta ko sadaki, shekararsa tana farawa daga ranar da ya shiga hannu. Bin kowane albashi da ranarsa aiki ne mai wuya, shi ya sa malamai da dama na wannan zamani suke ba da sauƙi: mai nisabi ta tsai da rana ɗaya, ta haɗa duk abin da ta samu a ajiya ranar nan ta fitar. Haka abin yake a mazhabar Abu Hanifa.

Ware kuɗin wata-wata

Yanzu ga tambaya: ina Hajiya za ta sami Naira 480,000 a rana ɗaya, alhali kuwa yawancin dukiyarta atamfa ce da awarwaro? Wannan shi yake sa mata da yawa su yi ta ɗaga ranar, yau sai an yi ciniki, gobe sai bayan salla, har shekara ta taras da shekara. Wasu kuma su karyar da kaya, ko su sayar da zinariya cikin gaggawa a yi musu tayin wulaƙanci.

Hajiya ba ta shiga wannan hali ba. Zakkarta ta bara Naira 420,000 ce. Sai ta raba gida 12, ta riƙa ware Naira 35,000 duk ganin sabon wata. Da Rajab ya zagayo ta tarar da Naira 420,000 a asusu, Naira 60,000 kawai ta cika. Don baɗi kuma za ta raba 480,000 gida 12, ta riƙa ware Naira 40,000. In ta ga kasuwa tana buɗewa ko zinariya tana hawa, sai ta ƙara ɗan wani abu a kai. Wadda bana ce shekararta ta farko sai ta ƙiyasta dukiyarta a yau, ta raba gida 40, abin da ya fito ta sake raba shi gida 12.

Mai albashi ta kula da wani abu. Albashi da watan boko yake zuwa, shekarar zakka kuwa ta gaza ta boko da kwana 11. Wata shekarar albashi 11 ne kawai zai shigo kafin ranarki. Gara ki raba gida 11. Kuma kada ki ɗaure ranarki da Disamba ko wani watan boko, domin kwana 11 ɗin nan in suka taru, cikin shekara 33 kin cinye zakkar shekara guda cur.

Sai dai ki riƙe wannan da kyau: warewa dabam, bayarwa dabam. A mazhabarmu ba a gabatar da zakkar kuɗi kafin lokacinta sai da ɗan abin da bai wuce kamar wata ɗaya ba. Idan kin ba maƙwabciyarki Naira 40,000 a watan Shawwal, ranarki kuwa sai Rajab, kin yi sadaka, Allah ya ba da lada, amma ba za ki cire ta daga zakka ba. Mazhabar Abu Hanifa da ta Shafi'i sun yarda da gabatarwa ga wadda ta riga ta mallaki nisabi. Mai son bin wannan saboda wata larura da ta ga ta taso wa wani, ta nemi fatawa tukuna, ta yi niyyar zakka lokacin bayarwa, ta kuma rubuta.

Tun da kuɗin asusun naki ne har ranar, in ya ɓace ko aka sace kafin ranar, zakka tana nan a kanki, sai ki lissafa abin da ya rage ki fitar. Don haka ki zaɓi ma'ajiya mai kyau. Iyayenmu suna ba da labarin canjin kuɗi na 1984, mu kuma mun ga wahalar da aka sha a farkon 2023 bayan da aka sake fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000. Masu kuɗi a gwangwani da ƙarƙashin katifa su suka fi jin jiki. Asusun banki dabam wanda ba ya ba da ruwa, wanda kuma katinsa ba ya yawo a jakarki, ya fi kwanciyar rai. Kada ki zuba kuɗin a adashe, don kwasarki ba lalle ta zo daidai da ranarki ba. Idan kuwa ranar ta zo kika tarar dukiyar ta sauka ƙasa da nisabi, ba zakka a kanki bana, abin da kika tara halalinki ne.

Ranar fitarwa

In ranar ta zo kada ki jinkirta. Ki yi niyya, ki bayar da kuɗi. Kada ki kwaso atamfar da ta yi kwantai ki ce ita ce zakka, domin zakkar kayan kasuwa daga kuɗinsu ake fitar da ita. Kada kuma ki yafe wa matalauciya bashin da kin riga kin fid da rai da shi ki lissafa shi a zakka. Waɗanda ake ba an jera su kashi takwas a aya ta 60 cikin Suratu Tauba, matalauta da miskinai su ne kan gaba, akwai kuma wanda bashi ya yi wa katutu. Iyayenki matalauta ba a ba su zakka, don ciyar da su wajibinki ne tun asali. Amma ƙanwa ko inna ko gwaggo mabukaciya ta cancanta, kuma mutanen garin da dukiyar take su ake fara dubawa.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikin gida. Wannan lissafi bai wuce tarawa da rabawa da kuka koya tun firamare ba. Ku sami sabon littafi, ku zauna da Inna ko Hajiya, ku ja layi huɗu: kuɗi, zinariyar ajiya, kaya, bashi. Ku rubuta ranarta ta watan Musulunci a shafin farko. Marainiyar da aka bar wa gado kuma ta sani, a mazhabarmu dukiyar yaro ma tana da zakka in ta kai nisabi, mai riƙon dukiyar shi zai fitar, ya kuma rubuta abin da ya fitar don ranar miƙa amana.

Allah ya sa albarka a cikin abin da muke nema, ya karɓa mana. Sai mun sake saduwa a wannan fili.